Idan ma'aikacin kwamfuta ya faɗi a tsakiyar aiki: wa ya san inda ya tsaya?

Akwai koke-koke guda biyu da masu hulɗa da manhajoji suka saba yi, waɗanda a ido kamar ba su da alaƙa. Wani ya ce an cire masa kuɗi sau biyu a kan saye ɗaya. Wani kuma ya ce an yi alkawarin maido masa kuɗinsa, ga mako ya zagayo allon yana ta nuna cewa ana kan aiki. Sau da yawa tushensu ɗaya ne: wata manhaja da ke aiki a bayan fage ta mutu bayan ta fara aikin, kafin ta ƙarasa, sauran tsarin kuma ya yanke hukunci ba tare da ya san iya inda ta kai ba. A na farko ya sake aikin da an riga an yi. A na biyu ya ɗauka an yi abin da ba a yi ba.

## Layi, ma'aikaci da shaidar kammalawa

Manyan manhajoji ba sa yin kowane aiki a daidai lokacin da mutum ya danna maɓalli. Abin da zai ɗauki lokaci, kamar tura imel, maida kuɗi ko sarrafa bidiyo, sai a rubuta shi a matsayin ɗan gajeren saƙo a jefa cikin layi. Layin nan manhaja ce mai zaman kanta, irin su RabbitMQ ko SQS na kamfanin Amazon, aikinta ta riƙe saƙonni har a zo a ɗauka. Ma'aikaci kuwa wata manhajar ce da ke ɗauko saƙo, ta yi abin da aka rubuta a ciki, ta koma ta ɗauko na gaba. Akan kunna goma ko ɗari a lokaci guda, duk suna ɗiba daga layi ɗaya.

Abu na uku shi ne shaidar kammalawa. Ma'aikaci ne ke aika wa layin ita, ma'anarta "wannan saƙo ya fita daga hannunka, goge shi". A RabbitMQ sunanta `ack`, a SQS kuwa ma'aikacin ne ke kiran `DeleteMessage`. Kusan duk maganar ta ta'allaƙa ne a kan lokacin da ake aika wannan shaida.

Sai kuma a rarrabe kuskure da faɗuwa, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Idan kuskure ne, ma'aikacin yana raye: ya kira wata saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun wasu manhajoji, ta ƙi amsawa, ya kama matsalar, ya rubuta ta, ya nemi a sake gwadawa. Idan faɗuwa ce, babu wanda ya rage da zai rubuta komai. Tsarin Linux yakan kashe manhajar da ta cinye ƙwaƙwalwa da `SIGKILL`, umarnin kisa nan take wanda babu manhajar da ke iya tare shi, shi ya sa ake ganin lambar fita 137. Kubernetes, tsarin da ke kunna manhajoji da kashe su a kan injuna masu yawa, idan zai sauya manhaja da sabuwa, yakan aika `SIGTERM`, wato gargaɗin ta tsaya, ya jira daƙiƙa 30 in ba a canza saitin ba, sannan ya kashe. Wuta na iya ɗaukewa, inji na iya mutuwa. A duk waɗannan, layukan da mai rubuta manhaja ya tanada a ƙarƙashin `except` ko `finally` ba za su taɓa gudana ba. Ke nan duk wani tanadi da ke zaune a cikin ma'aikacin kansa ba ya maganin faɗuwa.

## A aika shaida kafin aiki ko bayansa?

Hanya biyu ce kawai, kuma gaba kura ce baya sayaki. In ma'aikaci ya aika shaida da zarar ya karɓi saƙo, sannan ya faɗi, layin ya riga ya goge saƙon, aikin ya ɓace ba tare da ko ƙara ba. Aikin ba zai taɓa gudana fiye da sau ɗaya ba, amma yana iya ƙin gudana ɗungum. In kuma ya jinkirta shaidar sai ya gama, saƙon ba zai ɓata ba, sai dai akwai wata 'yar tazara tsakanin gama aiki da isar shaida. Faɗuwa a cikin tazarar nan na nufin layin zai miƙa wa wani ma'aikacin aikin da an riga an kammala.

Kayan aikin da ake amfani da su ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. Celery, wanda masu rubutu da Python ke yawan amfani da shi, yana aika shaida kafin ya fara aiki, sai in an kunna `task_acks_late`. SQS kuwa ba ya goge saƙo sai an ce masa ya goge. Wanda bai duba saitin da ya gada ba ya riga ya zaɓi ɓangare bai sani ba.

Mai karatu na iya tambaya, me ya hana a gina layin da zai tabbatar da sau ɗaya tak? Abin da ya hana ba ƙarancin fasaha ba ne. Kwatanta da wanda ya aiki yaro da saƙo, yaron bai dawo ba. Ko ya faɗi a hanyar zuwa, ko ya isar da saƙon ya maƙale a hanyar dawowa, ko kuma yana tafe a hankali. Daga inda mai aiken yake zaune, shirun duk iri ɗaya ne. Masana sun nuna tun 1975, a matsalar da daga baya aka sani da ta janar-janar biyu, cewa ɓangarori biyu da ke magana ta hanyar da saƙo ke iya ɓacewa ba za su taɓa samun cikakken tabbaci a kan juna ba, komai yawan saƙonnin tabbatarwa da suka yi musaya. Abin da ake iya samu shi ne a isar da saƙo sau ɗaya ko fiye, sannan a rubuta aikin ta yadda maimaici ba zai ƙara komai a kan sakamakon farko ba.

## Yadda layi ke yanke cewa ma'aikaci ya mutu

Tunda gawa ba ta sanar da mutuwarta, layin da agogo yake aiki. A SQS, idan aka ɗauki saƙo ba a goge shi, ɓoye shi ake yi na wani wa'adi da ake kira `VisibilityTimeout`. Asalin saitinsa daƙiƙa 30 ne, iyakarsa awa 12. In wa'adin ya cika ba a goge saƙon ba, sai ya sake bayyana ga kowa. RabbitMQ yana duba haɗin da ke tsakaninsa da ma'aikaci ne: haɗin na yankewa, sai ya maida saƙonnin da ba a ba da shaidarsu ba cikin layi, ya yi musu alamar `redelivered`.

Matsalar agogo ita ce bai san bambancin matacce da mai nawa ba. A ce wa'adi daƙiƙa 30 ne, aikin kuma ya saba ƙarewa cikin biyar. Ranar da sabar da ake kira ta yi nauyi, aikin ya kai daƙiƙa 45, to a daƙiƙa ta 30 layin zai miƙa saƙon ga ma'aikaci na biyu alhali na farko yana nan da ransa yana aiki. Babu abin da ya faɗi, amma ga mutum biyu a kan aiki ɗaya. In aka ce a tsawaita wa'adin zuwa awa guda don gudun haka, ranar da aka yi faɗuwa ta gaske sai aikin ya kwanta awa guda kafin a waiwaye shi.

Matsakaiciyar hanya ita ce a bar wa'adin gajere, ma'aikacin ya riƙa sabunta shi muddin yana raye, misali ya kira `ChangeMessageVisibility` duk bayan daƙiƙa 10. Wannan yana rage haɗarin ƙwarai, amma bai kawar da shi ba. Hanyar sadarwa na iya yankewa tsakanin ma'aikaci da layi na minti guda, alhali hanyarsa zuwa sauran sabobi lafiya lau take.

## Misali: maida kuɗin oda mai lamba 4471

A ɗauki aikin maida wa mai saye kuɗinsa. Ma'aikaci zai yi abu huɗu a jere: ya kira kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗi ya ce a maida, ya rubuta a rumbun bayanai cewa an maida, ya tura wa mai saye imel, sannan ya aika wa layi shaida.

In ya faɗi kafin ya kira kamfanin, babu damuwa, wanda ya gaje shi zai fara daga farko. Wurin da ke da haɗari shi ne tsakanin mataki na ɗaya da na biyu. Kuɗi sun fita, rumbun bayanai bai sani ba. Ma'aikaci na biyu zai zo ya duba rumbu, ya ga babu alamar an biya, ya sake biya. A lura cewa dubawar da ya yi ba ta cece shi ba, domin abin da ya duba bai samu labari ba. Juya jerin ma ba ya magani: in aka rubuta "an maida" kafin a kira kamfanin, faɗuwa a tsakani za ta bar rumbu yana cewa an biya, mai saye kuwa bai ga ko sisi ba. Rumbun bayananka da sabar wani kamfani ba za su taɓa shiga ma'amala ɗaya da za ta tabbata gaba ɗaya ko ta rushe gaba ɗaya ba.

Gyaran yana da ƙafa biyu. Ta farko, a rubuta niyya kafin a taɓa kuɗi:

```sql
INSERT INTO refunds (order_id, status)
VALUES (4471, 'pending')
ON CONFLICT (order_id) DO NOTHING;
```

Wannan salon na manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ne, kuma yana buƙatar a ɗora wa `order_id` sharaɗin `UNIQUE`. Ko ma'aikata nawa suka zo, bayani ɗaya ne kawai a kan wannan oda zai shiga teburin. Wanda ya tarar da `done` ya san an gama, sai ya wuce. Wanda ya tarar da `pending` kuwa ya samu labari mai daraja: wani ya fara, ba a san inda ya tsaya ba.

Ƙafa ta biyu ita ce ke warware wannan rashin sanin. Ana haɗa kiran da wata lamba ta musamman wadda kamfanin zai gane in ya sake ganinta. A kamfanin biyan kuɗi na Stripe, alal misali, ana sa ta a kan buƙatar kamar haka:

```
Idempotency-Key: refund-4471
```

In buƙata ta biyu ta zo da wannan lamba, kamfanin ba zai sake fitar da kuɗi ba, amsar da ya bayar a karon farko zai maimaito. Sai ma'aikaci na biyu ya karɓi amsar, ya maida `pending` zuwa `done`, ya ci gaba daga inda ɗan'uwansa ya faɗi. In ma su biyun suna raye suka aika a lokaci guda, ɗayan zai samu amsar 409, lambar da ke nufin buƙatarsa ta yi karo da wata, ya ja da baya.

Kuskuren da aka fi tafkawa a nan ƙarami ne a ido. Mai rubutu yakan sa ma'aikaci ya ƙirƙiro sabuwar lamba duk lokacin da ya fara aiki. Wannan lamba tana mutuwa tare da ma'aikacin, magajinsa ya zo da tasa daban, kamfanin kuma ya ga buƙatu biyu da ba su san juna ba. Dole lambar ta fito daga aikin kansa, ko a ƙirƙire ta tun lokacin jefa saƙo a layi a adana ta a ciki. In kuma oda ɗaya na iya samun maida kuɗi kashi-kashi, lambar oda kaɗai ba ta isa ba, sai kowane kashi ya samu tasa, in ba haka ba kashi na biyu zai zama kamar maimaici a yi watsi da shi.

Akwai kuma iyakar da ba kowa ke karantawa ba: lambar ba ta dawwama. Stripe ya bayyana cewa yana iya share ta bayan ta kai awa 24. Saƙon da ya maƙale ranar Juma'a, injiniya ya sake sakinsa ranar Litinin, zai isa a matsayin sabuwar buƙata fil. Don haka duk `pending` da ya kai awa 24 ba a sake aika shi da ka. Sai an fara tambayar kamfanin ko yana da wani maida kuɗi a kan odar 4471, abin da ya faɗa shi ne gaskiya, rumbu ya bi.

Saura imel. Hanyar tura imel ta asali ba ta da irin wannan lamba, saboda haka tsohon zaɓin ya dawo: ko a rubuta "an tura" kafin turawa a yarda wani lokaci ba zai je ba, ko bayan turawa a yarda wani lokaci zai je sau biyu. Ga rasit, zuwa sau biyu ya fi sauƙi. Abin da bai kamata ba shi ne matsalar imel ta ja a sake taɓa kuɗi, shi ya sa ya fi kyau imel ya zama aiki dabam mai saƙonsa a layi.

## Sau nawa za a sake, kuma yaushe za a haƙura

Ba kowace gazawa ce ta cancanci maimaici ba. Amsar 503 ko 429 na nufin sabar ta gaji ko an matsa mata, jira zai yi amfani. Amsar 400 na nufin buƙatar kanta ce gurguwa, ko sau dubu aka aika haka za ta dawo. Ga waɗanda suka cancanta, akan riƙa ninka tazarar jira. Ayyukan `Job` na Kubernetes suna jira daƙiƙa 10, sai 20, sai 40, har iyakar minti shida, kuma `backoffLimit` ɗinsu na asali 6 ne. Sidekiq, na masu rubutu da Ruby, yana sake gwada aikin da ya yi kuskure sau 25 cikin kimanin kwana 20. A ajiye wannan kusa da awa 24 ɗin da aka ambata a sama, za a ga yadda saituna biyu, kowanne mai hankali a karan kansa, ke iya haɗuwa su haifi biya sau biyu.

Ana kuma ɗan barbaɗa ƙarin daƙiƙu na kan-mai-uwa-da-wabi a kan tazarar, don kada ayyuka dubu da suka gaza tare su dawo tare su sake danne sabar da ke farfaɗowa. Haka nan a kula da maimaici a kan maimaici: in matakai uku ne a jere, kowanne yana gwadawa sau uku, buƙata ɗaya ta zama 27 a kan saba ta ƙarshe, a daidai lokacin da take neman numfashi.

Mafi muni shi ne saƙon da shi kansa ne ke kashe ma'aikaci, kamar fayil ɗin da girmansa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa. Ma'aikaci ya ɗauka, ya mutu da 137, wa'adi ya cika, wani ya ɗauka, shi ma ya bi sahu. Ƙirgen da ke cikin ma'aikaci ba zai taɓa ƙaruwa ba, tunda ba ya rayuwa har ya rubuta shi. Dole ƙirgen ya zauna a waje, kuma a ƙara shi lokacin ɗauka, ba lokacin gazawa ba. SQS yana yin haka da kansa: in aka sa `maxReceiveCount` a 5, saƙon da aka ɗauka sau biyar ba a goge ba za a kwashe shi zuwa wani layi na gefe da aka ware don saƙonnin da suka gagara. Celery ya bi ta wata hanyar: ko an kunna `task_acks_late`, in aka kashe manhajar da ke riƙe da aikin yakan ba da shaida duk da haka, don gudun wannan zagayen, sai in an ƙara kunna `task_reject_on_worker_lost`. Masu zaton saiti ɗaya ya ishe su sukan gano haka ne bayan aiki ya ɓace.

Layin gefen ma ba ma'ajiya ba ce ta har abada. SQS yana riƙe saƙo kwana 4 a asali, iyaka kwana 14, kuma a layi na gama-gari lissafin yana farawa ne daga ranar da saƙon ya fara shiga layin farko, ba ranar da aka kwashe shi gefe ba. Layin gefen da babu mai dubawa hanya ce kawai ta zubar da aiki a makare.

## Inda ra'ayi ya rabu

Wasu injiniyoyi na ganin a rage sassa: a ajiye layin a cikin rumbun bayanan kansa, ma'aikata su riƙa ɗiba da `SELECT ... FOR UPDATE SKIP LOCKED`. Ribar ita ce ɗaukar aiki, rubuta sakamako da shaidar kammalawa duk suna cikin ma'amala ɗaya. In ma'aikaci ya faɗi, rumbun ya warware komai, aikin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Hujjarsu tana da ƙarfi muddin aikin bai fita daga rumbun ba. Da zarar ya kira kamfanin waje, matsalar odar 4471 ta dawo yadda take, ga kuma nauyin da dogayen ma'amaloli ke ɗora wa rumbu.

Wasu kuma sun fi son kayan aiki irin su Temporal, masu rubuta tarihin kowane mataki, ta yadda sabon ma'aikaci zai karanta ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ga aiki mai matakai goma da ke ɗaukar kwanaki, wannan sauƙi ne babba, kuɗinsa kuwa shi ne ƙarin tsarin da za a koya a kuma kula da shi. Sai dai matakin da ake ciki lokacin faɗuwa har yanzu yana iya gudana sau biyu, don haka lambar hana maimaici tana nan daram.

Ɓangare na uku na cewa wani aikin bai kamata na'ura ta sake shi ba sam. In kamfanin da ake kira ba shi da lambar hana maimaici, ba shi kuma da hanyar tambaya, to aikin da aka tarar a `pending` a tsayar da shi a kira mutum. Yana da jinkiri, yana cin lokacin ma'aikata, amma ga kuɗi masu yawa ko umarnin da ba a iya janyewa, wannan matsayi ya fi sauran kusa da daidai.

## Abin da ke isa ga mai amfani

Wanda aka cire wa kuɗi sau biyu yakan gani nan take ya yi magana. Wanda aikinsa ya ɓace shiru shi ne abin tausayi, domin a wajen kamfanin babu kuskuren da aka rubuta, ma'aikacin ya mutu kafin ya rubuta. Shi ya sa ƙirga kurakurai kaɗai ba ya nuna lafiyar tsari. Abubuwan da ke tona asiri su ne shekarun saƙo mafi daɗewa a layi, yawan saƙonnin da aka ɗauka fiye da sau ɗaya, adadin da ke kwance a layin gefe, da ayyukan `pending` da suka wuce awa guda. In saƙonnin da ake ɗauka sau biyu suka yi yawa alhali babu ma'aikacin da ya mutu, wa'adin ɓoyewa ne ya yi gajarta. Kamfanonin da ke riƙe kuɗin mutane sukan ƙara da daidaita lissafi kullum, su jera abin da rumbunsu ya ce da abin da kamfanin biyan kuɗi ya ce, su bi duk inda aka saɓa.

Ga mai saye, lambar ma'amala da ke kan rasit ita ce abin riƙewa. Imel biyu masu lamba ɗaya galibi saƙo ne aka maimaita, kuɗi sau ɗaya suka motsa. Lambobi biyu daban a kan saye ɗaya kuwa ma'amala biyu ce, kuma su ne abin da zai nuna in ya kai ƙorafi. Sake danna maɓalli yayin da allo ke nuna ana kan aiki yana iya buɗe sabuwar buƙata mai sabuwar lamba, wadda duk tanadin da aka bayyana a sama ba zai gane ta a matsayin maimaici ba.

Su kuwa masu gina tsarin, hanyar gwaji a buɗe take kuma ba ta da tsada: a wurin gwaji, a sa ma'aikaci ya tsaya bayan kowane mataki, a kashe shi da `kill -9`, a bar magajinsa ya ɗauka, sannan a ƙirga sau nawa kuɗi suka fita, imel nawa aka tura, me kuma teburin `refunds` ke cewa a kan odar.